Yadda Ake Tantance Cewa Kason Magada a Takardar Rabon Gado Ya Tashi Dukiya Guda Cif

Takardar rabon gado takan zo hannun magada da jerin sunaye, gaban kowane suna kuma an rubuta kasonsa: 1/8, 1/6, 2/7 da makamantansu. Mafi yawan mutane sukan duba layin da sunansu yake, su tambayi nawa ne kuɗin, sannan su sa hannu ko su dangwala. Ƙalilan ne suke tsayawa su haɗa kason kowa da kowa domin su ga ko jimillar ta tashi dukiya guda, ba ta haura ba kuma ba ta gaza ba. Wannan lissafi yana buƙatar biro da takarda kawai, kuma duk wanda ya iya ninkawa da tarawa zai iya yin sa kafin a taɓa ko kwabo na dukiyar mamaci. A ganina bai kamata magaji ya sa hannu a kan takardar da ba a yi mata wannan bincike a gabansa ba, ko da malamin da ya rubuta ta amintacce ne, domin kuskuren yakan shiga ne wajen kwafa da taƙaitawa, bayan malamin ya gama nasa aikin.

Za mu bi misali guda daga farko har ƙarshe. A ɗauka wani ɗan kasuwa ya rasu a Bauchi, ya bar mata biyu, da mahaifiyarsa, da 'ya'ya maza biyu da mata uku, mahaifinsa kuwa ya riga shi rasuwa. Ya bar gida a Fadaman Mada wanda aka yi wa kuɗi naira 24,000,000, da gona a hanyar Dass ta naira 7,000,000, da tsabar kuɗi haɗe da kuɗin kayan shagonsa na kasuwar Wunti naira 5,000,000. Takardar da wani daga cikin dangi ya rubuta bayan zaman rabo ta ce kowace mata tana da 1/8, uwa tana da 1/6, kowane ɗa namiji yana da 2/7, kowace 'ya mace kuma 1/7.

Mataki na farko shi ne a san mene ne “dukiya guda” da ake magana a kai. Kason da aka rubuta bai hau kan duk abin da mamaci ya bari ba, ya hau ne kan abin da ya rage bayan an fitar da kuɗin likkafani da jana'iza, an biya bashi, sannan an zartar da wasiyya, wadda ba ta wuce sulusin abin da ya rage bayan bashi sai da yardar magada. A misalinmu jimillar dukiya naira 36,000,000 ce. An kashe 100,000 a jana'iza, ana bin mamacin bashin 1,500,000, kuma ya yi wasiyyar 800,000 ga wata makarantar allo. Idan aka cire 2,400,000 daga 36,000,000, saura 33,600,000, kuma wannan adadi shi ne dukiyar da za a raba. A rubuta shi a saman takardar lissafi da manyan lambobi. Idan takardar rabo ba ta nuna wannan cirewa ba, a tambaya tun yanzu, domin kason yana iya tashi daidai a lissafi alhali an ɗora shi a kan adadin da har yanzu akwai haƙƙin mai bin bashi a ciki.

Mataki na biyu shi ne a jera magada mutum mutum, kowa da layinsa. Kada a rubuta “mata” ko “'ya'ya” a dunƙule. Gidan da muke magana a kai yana da magada takwas, don haka layi takwas za a yi. A gaban kowane kaso kuma a yi tambaya guda wadda ita ce ginshiƙin aikin baki ɗaya: wannan kason, kason mene ne? Na dukiya duka ne, ko na abin da ya rage bayan an fitar da na wasu, ko kuwa kaso ne da mutum biyu ko uku za su yi tarayya a cikinsa? Ba a haɗa kason da aka auna da dukiya duka da wanda aka auna da ragowa, kamar yadda ba a haɗa mudu da tiya a kira su awo ɗaya.

Mataki na uku shi ne a mayar da kowane kaso bisa adadin ƙasa guda. A 1/8, lamba 8 ita ce adadin ƙasa, wato yawan gidajen da aka kasa dukiya, lamba 1 kuma ita ce adadin sama, wato yawan gidajen da mai kason zai ɗauka. Ana neman mafi ƙanƙantar lambar da kowane adadin ƙasa zai raba ta ba tare da saura ba. Ita ce malaman gado suke kira asalin mas'ala. A takardarmu adadin ƙasa su ne 8 da 6 da 7. Lambar da 8 da 6 suke haɗuwa a kanta ita ce 24, kuma tunda 7 ba ta raba 24, sai a ninka su, a sami 168. Daga nan a raba 168 da adadin ƙasa na kowane kaso, a ninka abin da ya fito da adadin sama. Kowace mata ta sami 21, uwa 28, kowane ɗa namiji 48, kowace 'ya mace 24.

Mataki na huɗu shi ne tarawa. Mata biyu sun tashi 42, uwa 28, maza biyu 96, 'ya'ya mata uku 72, jimilla 238. An kasa dukiya gida 168, amma takarda ta yi alƙawarin gida 238, wato ta haura da 70. Idan aka raba 33,600,000 gida 168, kowane gida naira 200,000 ne, ma'ana takardar ta raba wa mutane naira 14,000,000 da babu su. Da an fara biya bisa wannan takarda, waɗanda suka riga karɓa za su cika aljihu, na ƙarshe kuma, waɗanda galibi su ne ƙananan yara da 'ya'ya mata da ke gidan aure a wani gari, su tarar da dukiya ta ƙare.

Adadin da ya haura yakan nuna inda ɓarnar take, don haka kada a yi saurin yaga takardar. Saba'in ɗin nan 21 ne da 49. Ashirin da ɗaya daidai yake da tumuni guda, wato 1/8, abin da ke nuna cewa an rubuta tumuni sau biyu. Aya ta 12 cikin Suratun Nisa'i ta ba matan mamaci tumuni idan ya bar ɗa ko 'ya, kuma wannan tumunin guda ne da za su raba daidai a tsakaninsu, ko mace ɗaya ce ko huɗu ne. Saboda haka kason kowace mata a nan 1/16 ne. Arba'in da tara kuwa daidai yake da tumunin mata, 21, haɗe da sudusin uwa, wato 1/6 ɗinta, 28. Dalili shi ne idan aka tara 2/7 sau biyu da 1/7 sau uku, za a sami 7/7, wato 'ya'ya su kaɗai sun cinye dukiyar kaf. Wanda ya yi rabon yana nufin kashi bakwai na abin da ya rage bayan mata da uwa sun ɗauka, mai rubutu kuma ya bar kalmar “ragowa” a baki bai sa ta a takarda ba. Wannan kuskure ne da ake yawan yi, kuma alamarsa a fili take: duk lokacin da kason 'ya'ya kaɗai ya tashi ɗaya cif alhali akwai mata ko miji ko iyaye a jerin, to kason ragowa ne aka rubuta kamar na dukiya duka.

Gyaran yana da sauƙi idan aka bi shi a hankali. A fara da masu kaso yankakke: tumuni da sudusi suna haɗuwa a 24, mata su ɗauki 3, uwa 4, saura 17 na 'ya'ya. Ana ƙirga namiji kai biyu, mace kai ɗaya, don haka 'ya'yan kai bakwai ne. Uku ba ta rabuwa ga mata biyu, 17 kuma ba ta rabuwa gida bakwai, sai a ninka 24 da 2 da 7, a sami 336. Duk abin da aka ninka asali da shi, wato 14, da shi za a ninka kowane kaso. Mata sun koma 42, uwa 56, 'ya'ya 238, wanda idan aka raba shi bakwai kowane kai zai sami 34. Takardar da ta gyaru za ta kasance kamar haka:

Uwargida 21/336, naira 2,100,000
Amarya 21/336, naira 2,100,000
Uwa 56/336, naira 5,600,000
Kowane ɗa namiji 68/336, naira 6,800,000
Kowace 'ya mace 34/336, naira 3,400,000

A sake tarawa: 21 da 21 da 56 sun ba da 98, maza biyu 136, mata uku 102, jimilla 336 cif. A ɓangaren kuɗi ma, 4,200,000 da 5,600,000 da 13,600,000 da 10,200,000 sun tashi 33,600,000. Ina ba da shawara a bar kowane kaso bisa 336 a takarda, kada a taƙaita 68/336 zuwa 17/84 ko 34/336 zuwa 17/168. Taƙaitawar daidai ce a lissafi, amma tana ɓoye wa mai karatu cewa na namiji ninkin na mace ne, kuma tana tilasta wa mai bincike ya sake neman asali daga farko.

Akwai gargaɗi game da kalkuleta. Mutane da yawa sukan mayar da kason zuwa kashi bisa ɗari domin ya fi sauƙin faɗa, sannan su yanke wutsiyar lambar ko su cike ta zuwa cikakkiyar lamba mafi kusa. Idan aka yi haka a misalinmu, kowace mata za ta koma kashi 6, uwa 17, kowane namiji 20, kowace mace 10, jimilla 99. Kashi ɗaya da ya ɓace naira 336,000 ne, kuma ɓatan bai tsaya nan ba, domin an rage wa kowace 'ya naira 40,000, kowane ɗa 80,000, an kuma ƙara wa uwa 112,000 da ba nata ba. Hanyar da ta fi aminci ita ce a raba kuɗin da adadin ƙasa na ƙarshe, wato 336 a misalinmu, sau ɗaya tak, a sami kuɗin gida guda, wanda a nan naira 100,000 ne, sannan a ninka shi da adadin saman kowane magaji. Idan rabon bai fita cif ba, a bar kwabban har sai an gama ninkawa, a kuma rubuta 'yan nairorin da suka rage da wanda magada suka yarda a ba shi.

Ba kowace haurawa ce kuskuren rubutu ba, kuma nan ne ake buƙatar nutsuwa. Kason da Alƙur'ani ya yanke guda shida ne: rabi, rubu'i, tumuni, kashi biyu bisa uku, sulusi da sudusi, kuma bayaninsu yana cikin Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176. Akwai yanayin da masu waɗannan kaso sukan taru har jimillarsu ta wuce dukiya, ba tare da kowa ya yi kuskure ba. A ɗauki mutumin da ya bar mata ɗaya, 'ya'ya mata biyu, uba da uwa. Bisa 24, mata tana da 3, 'ya'ya mata 16, uba 4, uwa 4, jimilla 27. Hukuncin da aka fara aiki da shi tun zamanin Sayyidina Umar, wanda kuma mazhabar Malikiyya take a kai, shi ne auli: a mayar da 27 ta zama adadin ƙasa, kowa ya riƙe adadinsa na sama, raguwar ta shafi kowa gwargwadon kasonsa. Mata za ta ɗauki 3/27, wato tumuninta ya koma ɗaya bisa tara, kowace 'ya 8/27, uba da uwa kowanne 4/27.

Hanyar bambance auli da kuskure tana da ƙa'ida tsayayya. Asali uku ne kaɗai suke yin auli. Shida tana hawa zuwa 7 ko 8 ko 9 ko 10, sha biyu tana hawa zuwa 13 ko 15 ko 17, ashirin da huɗu kuma zuwa 27 kawai. Idan jimillar masu kaso yankakke ta haura zuwa wata lamba daban, misali 24 ta koma 29, to akwai kuskure, kuma mai yiwuwa an maimaita wani kaso ko an saka wanda wani magaji ya katange. Haka nan idan akwai ɗa namiji na cikin mamaci a jerin magada, ba za a sami auli ba, domin shi da 'yan'uwansa mata ragowa suke ɗauka, abin da ya sa muka tabbatar cewa 238 bisa 168 na takardarmu ɓarna ce.

Abin da ya kamata a yi hattara da shi a mas'alar auli shi ne takardar da ta bar kason yadda yake a ayar, aka kuma biya mutane bi da bi. A ce dukiyar naira 10,800,000 ce. Bisa 27, gida guda 400,000 ne, mata ta sami 1,200,000, uba da uwa kowanne 1,600,000, 'ya'ya mata biyu 6,400,000. Amma idan aka biya mata da iyaye cikakken kasonsu bisa 24, inda gida guda ya kai 450,000, 'ya'yan za su tashi da 5,850,000 kacal. An zaftare musu 550,000, kuma jimillar kuɗin da aka raba za ta yi daidai da dukiyar, ta yadda babu wanda zai lura sai wanda ya tara kason da kansa.

Idan kuma jimilla ta gaza, tambayar ita ce ina ragowar ta nufa. Mutumin da ya bar mata, 'ya ɗaya da uwa, kasonsu 3 da 12 da 4 ne bisa 24, jimilla 19, saura 5. Idan yana da ɗan'uwa shaƙiƙi, ko wani asaba namiji, wato magajin da yake ɗaukar ragowa, kamar ɗan ɗan'uwa ko baffa, biyar ɗin nasa ne, kuma dole sunansa ya fito a takarda da 5/24 a gabansa. Idan babu asaba ko ɗaya, asalin maganar Malikiyya ita ce ragowar ta tafi baitulmali, malaman mazhabar na baya kuma sun yi fatawa da raddi, wato a mayar da ita ga masu kaso ban da miji ko mata, idan babu tsayayyen baitulmali. Da raddi, lissafin zai koma bisa 32: mata 4, 'ya 21, uwa 7. Zaɓi tsakanin waɗannan hukunci ne na alƙali ko malamin da ya san gado, ba na mai tara lambobi ba. Abin da mai bincike zai tsaya a kai shi ne kada a bar takarda da giɓi, domin ragowar da ba a rubuta mai ita ba takan zauna a hannun wanda yake riƙe da dukiyar har a manta da ita.

Dole kuma a san iyakar wannan bincike. Tashin jimilla ɗaya cif yana nuna cewa lissafi bai ci karo da kansa ba, amma bai nuna cewa an ba kowa haƙƙinsa ba. Da a ce an manta da mahaifiyar ɗan kasuwar nan, wataƙila don tana zaune a ƙauye wajen wani ɗanta, takardar za ta fito da kyau sosai: mata 1/8, kowane ɗa 2/8, kowace 'ya 1/8, jimilla 8/8, alhali an hana tsohuwa naira 5,600,000. Don haka bayan tarawa, a karanta jerin sunayen a gaban dattijan gida na ɓangaren uba da na uwa, a tambaya ko akwai iyaye ko kaka a raye, ko akwai 'ya'ya daga matar da aka rabu da ita, ko akwai matar da aka saki sakin kome kuma mijin ya rasu tana cikin idda, domin tana da gado. Idan ɗaya daga cikin matan tana da ciki, Malikiyya tana dakatar da rabo har sai ta haihu, domin zuwan jaririn zai canza kai bakwai zuwa takwas ko tara, kuma kason kowane ɗa da 'ya zai sauya. Idan wani magaji ya rasu bayan mai dukiyar kafin a yi rabo, kasonsa yana nan a jerin da sunansa, sai a yi wa nasa magadan lissafi na biyu a cikin wannan kaso kaɗai.

Mataki na ƙarshe shi ne a gwada kason da kadarorin da aka miƙa wa kowa, tunda ba kuɗi tsaba ake rabawa ba a mafi yawan gidaje. Bayan an biya bashi da wasiyya da kuɗin jana'iza daga naira 5,000,000, tsabar da ta rage 2,600,000 ce, kuma idan aka haɗa ta da gida da gona za a koma kan 33,600,000. A ce babban ɗa ya zaɓi gonar. Kuɗinta 7,000,000 ne, kasonsa kuma 6,800,000, don haka zai yi cikon naira 200,000 ga sauran magada, kuma a rubuta cikon da ranar da za a biya shi. Sauran mutum bakwai suna da 26,800,000, wanda shi ne gidan 24,000,000 da tsabar 2,600,000 da cikon 200,000. Ana yin tarawar ta fuska biyu: abin da kowane mutum ya karɓa daga kadarori daban daban ya yi daidai da kasonsa, sannan abin da aka ba mutane daga kowace kadara ya yi daidai da kuɗin da aka yi mata. Idan an bar gidan a matsayin tarayya, a rubuta kason kowa a cikin gidan da naira ko bisa adadin ƙasa guda, a kuma tabbatar sun tashi 24,000,000, domin kason mutum a cikin gidan ya bambanta da kasonsa a dukiya duka tunda babban ɗa ya riga ya fita daga ciki.

Idan binciken ya nuna saɓani, kada a goge lamba a asalin takardar ko a rubuta wata a kanta. A kai takardar lissafin ga malamin da ya yi rabon, ko ga magatakardan kotun shari'a idan a kotu aka yi, a nuna layin da ya haura ko ya gaza da adadinsa. A nemi a fitar da sabuwar takarda mai ɗauke da adadin dukiya bayan cire bashi da wasiyya, da asalin mas'ala, da kason kowane magaji bisa wannan asali tare da kuɗinsa, da layin jimilla a ƙasa, sannan shaidu da magada su sa hannu, waliyyi ko wasiyyi ya sa a madadin ƙananan yara, kowa kuma ya karɓi kwafinsa.